Yadda Auta Ya Haye Gada: Tatsuniyar Dare a Hannun Masu Zanen Katun

A ƙasar Norway akwai wata tsohuwar tatsuniya ta bunsuraye uku 'yan uwan juna. Ciyawa ta ƙare a gefen da suke, ga kuma tudu can ƙetaren ruwa ya yi kore shar. Hanya ɗaya ce tal zuwa wurin, wata gada, kuma a ƙarƙashinta akwai wani dodo mai manyan idanu da dogon hanci, wanda ba ya barin mai wucewa. Ƙaramin cikinsu ne ya fara hawa. Da dodo ya taso zai cinye shi, sai ya nuna masa cewa shi bai kai abin ci ba, ya jira yayansa da ya fi shi tsoka. Na tsakiya ma ya yi wannan dabara ya wuce. Da babban ya iso, sai ya sa ƙaho ya gama da dodon, dukkansu suka haye, suka ci suka yi ƙiba har tafiya ta nemi gagararsu.

Wasu mutum biyu, Peter Christen Asbjørnsen da Jørgen Moe, su ne suka bi karkara suka tattara irin waɗannan tatsuniyoyi daga bakin jama'a, suka buga su tsakanin 1841 da 1844. A 1859 George Webbe Dasent ya juya su zuwa Turanci, daga nan labarin bunsurayen ya bazu ko'ina. Da baki, minti uku ya isa a faɗe shi. Amma wanda zai mayar da shi fim ɗin katun na minti biyar, mai muryar mai ba da labari, wanda yaro ɗan shekara huɗu zai kalla kafin ya kwanta, yana da aiki a gabansa tun kafin a zana ko kunnen akuya ɗaya. Aikin kuwa a kan takarda yake.

Abin da ya sa shi ne, a tatsuniya baki ɗaya ne ke ɗauke da komai. Mai faɗa ita ce gada, ita ce ruwa, ita ce dodo. In ta ga idon yaro ya raina fata don tsoro sai ta sassauta murya, in ta ga yana gyangyaɗi sai ta gajarta. Fim ba ya ganin fuskar mai kallo. Don haka dole marubuci ya rarraba wannan aiki na mutum ɗaya gida uku: abin da ido zai gani, abin da murya za ta faɗa, da abin da ƙara da shiru za su ɗauka. Yawancin katun ɗin yara da ke gundurar mutum, laifin daga wannan rabo yake. An ɗauko tatsuniyar yadda take an karanta, aka liƙa mata hotuna a kai.

Labarin na wane ne?

Kafin lissafin lokaci, akwai wata matsala a jikin labarin kansa. Idan ƙaramin ne gwarzonmu, mu kira shi Auta, to tatsuniyar asali tana yar da shi da wuri. Yana hayewa ya ɓace, kuma ƙarfin babban wa ne ke kawo ƙarshen magana. Bayan haka, yaro mai lura zai iya tambaya: ashe Auta sayar da yayansa ya yi don ya tsira? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ba a so ta taso wa yaro da ƙarfe takwas na dare.

Gyara biyu ke magance wannan. Na farko, tun a farkon fim a nuna su ukun sun haɗa kai a bakin ruwa, Auta yana raɗa wa yayyensa wani abu a kunne, babban ya dubi ƙahonsa ya gyaɗa kai. Ba sai an ji abin da ya faɗa ba. Sakan biyar ɗin nan sun mayar da abin shiri na 'yan uwa maimakon cin amana. Na biyu, bayan Auta ya haye kada ya bar allo. Ya laɓe bayan wani dutse a ƙetare, ana komawa kan fuskarsa duk lokacin da yayansa ke kan gada. Sa'ad da babban ya zo, dodo ya hau gadar gaba ɗaya ya tare hanya, Auta ne zai yi kuka daga bayansa, dodo ya waiwaya, babban ya tunkuye shi ya faɗa ruwa. Ta haka wayon da aka fara da shi, shi ne ya rufe labarin.

A tatsuniyar asali babban bunsuru yana yi wa dodon mummunan kisa. Wannan ba na lokacin barci ba ne. Ya isa a ga ruwa ya tafi da shi yana riƙe da wani gungume, yana tari yana mita, har ya sha kwana. Ni dai ba na goyon bayan a mayar da dodon abokin wasa a ƙarshe, kamar yadda wasu ke yi don gudun tsorata yara. Yaro yana son ya tabbata abin tsoron ya tafi, ya yi nisa, ba zai dawo ba. In aka bar shi yana kiwo tare da awaki, to yana nan kusa ke nan.

Sai lissafi. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan. Minti biyar sakan 300 ne, wato hoto 7,200. Masu zane da hannu sukan bar kowane zane ya tsaya tsawon hoto biyu, sai ya zama zane 12 a sakan, duka-duka 3,600. Ko da rabin nan, kowace jimla da marubuci ya ƙara kwanakin aiki ne ya ɗora wa mai zane. Murya kuma, in ana magana da ƙaramin yaro a natse, abin da ya dace kamar kalma biyu ce a sakan. Idan aka bar kashi ɗaya cikin uku na fim ba magana, saura sakan 200, wato kalmomi 400 ke nan, da na mai labari da na dabbobi gaba ɗaya. Wanda ya zo da rubutu mai kalma dubu, ko dai fim ya kai minti goma sha biyu, ko mai karatu ya yi ta gudu kamar mai sanarwar cigiya a rediyo.

Yadda zan raba sakan 300 ɗin nan shi ne: 40 na buɗewa da yunwa da raɗar Auta, 20 na nuna gada da mai gadinta, 80 na hayewar Auta, 35 kacal na ɗan tsakiya tunda yaro ya riga ya gane dabarar, 60 na babban wa, sannan 65 na ƙarshe, inda ba abin da ke faruwa sai cin ciyawa da faɗuwar rana. Za mu dawo kan wannan 65 ɗin, don shi ne ya bambanta katun ɗin dare da na rana.

Fitowa ɗaya a kan takarda

Rubutun irin wannan fim ana tsara shi ɗauka bayan ɗauka. Kowace ɗauka tana da tsawonta, da abin da za a gani, da abin da za a ji. Ga farkon fitowa ta uku, inda Auta ya hau gada:

Ɗauka ta 1, sakan 6. Hoto daga nesa: gada a tsakiya, Auta ɗan ƙil a bakinta ta hagu. Ƙugin ruwa ƙasa-ƙasa.
Mai labari: “Auta bai taɓa taka gada ba tun da aka haife shi.”

Ɗauka ta 2, sakan 4. Hoto kusa da ƙafa: kofato ya miƙa, ya janye, ya sake miƙawa. Ƙarar taku ɗaya, shiru, sannan biyu a jere. Ba magana.

Ɗauka ta 3, sakan 5. Daga ƙarƙashin gada: ƙasa tana zubowa ta tsakanin katako a kan hancin Dodo. Munshari ya yanke. Ido ɗaya ya buɗe. Ba magana.

Ɗauka ta 4, sakan 6. Kan Dodo ya taso ta dama, ya tare hanya.
Dodo: “Kai! Ɗan wa ke mini tsalle a kan rufin ɗaki?”

Ɗauka ta 5, sakan 5. Fuskar Auta, gwiwa na kaɗawa. Cikin Dodo ya yi ƙugi, idon Auta ya sauka kan tumbin.
Mai labari: “Tsoro ya kama shi, amma bai hana shi lura ba.”

Ɗauka ta 6, sakan 11. Su biyu a hoto ɗaya, Auta ya rusuna.
Auta: “Sannu da hutawa, Baba Dodo. Dube ni da kyau. Ni ko loma ɗaya ban kai ba, sai dai in tayar maka da yunwa.”

Ɗauka ta 7, sakan 4. Dodo ya auna Auta da yatsu biyu, ya dubi tumbinsa, ya taɓe baki. Ba magana.

Ɗauka ta 8, sakan 7. Kusa da Auta, sannan kusa da Dodo.
Auta: “Yayana na tafe. Ya yi biyuna, ga kitse.”
Dodo: “Biyunka?”

Sakan 48 ke nan, kalmomi 63, kuma mai labari bai faɗi fiye da 21 daga ciki ba. A duba abin da ya faɗa. Bai ce Auta ya taka gada ba, ido ya gani. Bai ce dodo ya farka ba, munsharin da ya yanke ya faɗa. Jimlolinsa biyu duk sun ɗauko abin da zane ba zai iya nunawa ba ne: abin da ya wuce, da abin da ke cikin zuciya. Wannan shi ne gwajin kowace jimlar mai labari. A rufe ta da yatsa, a dubi bayanin hoton. In ba a rasa komai ba, a goge ta.

Ɗauka ta biyar ita ce ƙashin bayan fim ɗin gaba ɗaya, ko da yake ba ta wuce sakan biyar ba. Wayo ba ya zanuwa kai tsaye. Idan mai labari ya ce Auta yana da wayo, yaro ya ji kalma ce kawai. Amma idan ya ji ƙugin cikin Dodo, ya ga idon Auta ya sauka kan tumbin, to shi ma ya hango dabarar kafin a faɗe ta, kuma daɗin da yara ke ji a irin wannan labari daga nan yake fitowa. Dole a ga lokacin da tunanin ya zo. Marubuci mai gaggawa yakan tsallake wannan ɗauka, sai maganar Auta ta faɗo kamar daga sama.

Akwai kuma batun kalmomin kwaikwayon sauti, waɗanda Hausa ke da arzikinsu. Mai tatsuniya za ta ce ya faɗa ruwa tsundum, kuma nan ne yara ke fashewa da dariya. A fim akwai ƙarar ruwan ta gaske. In aka haɗa su a sakan guda sai su danne juna. Zaɓi ake yi: ko a bar ƙarar ta yi aikinta, ko a ba ta sakan ɗaya ta wuce sannan mai labari ya biyo da nasa tsundum ɗin a hankali, kamar mai tabbatarwa. Na biyun ya fi riƙe ɗanɗanon tatsuniya. Haka ma gaisuwar Auta da rusunawarsa. Labarin na Norway ne, da duwatsunsa da gadar katakonsa, kuma babu dalilin sauya masa ƙasa. Amma tunda da Hausa dabbobin ke magana, ƙaramin da ya gamu da babba zai gaishe shi ko da yana shirin yaudararsa, kuma ladabin ma yana cikin dabarar.

Abin da ke cin kuɗi

Marubuci nagari yana rubutu da aljihun mai zane a ransa. Abu uku ke da tsada a wannan labari: tafiyar dabba mai ƙafa huɗu, ruwa mai gudu, da motsin baki. Sa'ar da aka yi, tatsuniyar da kanta tana rage wahala, domin abu ɗaya ake maimaitawa sau uku. Gada ɗaya ce, bango ɗaya, kusurwoyin kallo ɗaya. Ana zana zagayen tafiya guda, wato 'yan zanen da ke nuna taku ɗaya cikakke daga ɗaga ƙafa zuwa sauke ta, a yi ta maimaita shi. Ruwa ma haka, 'yan zane kaɗan ne ke zagayawa. Abin da ke canzawa tsakanin hayewa ukun shi ne nauyi: ƙarƙashin Auta gada ba ta motsi kuma takunsa siriri ne, ƙarƙashin na tsakiya tana ɗan lanƙwasa, ƙarƙashin babban katako na kuka. Irin wannan ƙara ba ta buƙatar wani inji. Ƙoƙo biyu da guntun katako sun isa a yi takun duka ukun, baho da ruwa kuma su ba da faɗuwar Dodo.

Motsin baki shi ne inda mai labari ke ceton aiki. Duk dabbar da ta yi magana a allo, sai an daidaita siffofin bakinta, shida zuwa tara, da kowace gaɓa ta muryar. Muryar mai labari kuwa ba ta da baki a allo. Shi ya sa masu ƙaramin jari ke jibga masa komai, har ya zama shi ke faɗin abin da Dodo ya ce. Tsimin ya wuce gona da iri. A bar dabbobi su yi magana da bakinsu a inda ake wasan wayo, mai labari ya ɗauki sauran.

Wata ƙa'ida ƙarama da ke rikita sababbin hannu: in awaki sun fara tafiya daga hagu zuwa dama, haka za su yi ta yi har ƙarshe, kuma Dodo kullum ta dama zai tare su. Ranar da aka juya ɗauka ɗaya aka nuna na tsakiya yana fuskantar hagu, yaro zai ɗauka ya fasa ne yana komawa gida. Marubuci ne ya kamata ya rubuta hagu da dama a takarda, kada ya bar wa mai zane ya yi ta canka.

Bayan rubutu, murya ake fara ɗauka, ba zane ba. A ɗaki mai katifa da labule, an kashe fanka, bakin mai magana kamar taƙi ɗaya daga makirfo. Sannan a zana kowace ɗauka a gurguje, hoto guda ko biyu, a jera su. Wannan dabara ta jera labari a zane kafin a fara aikin gaske ta kafu ne a kamfanin Disney a farkon shekarun 1930. Daga nan a ɗora zanen a kan muryar, kowanne da tsawon da aka rubuta masa, a samu fim ɗin gwaji wanda komai a cikinsa a tsaye yake amma lokacinsa na gaske ne. Manhajojin kyauta irin su Audacity don murya, da Krita ko OpenToonz don zane, sun isa wannan aiki. A nan ne ake gane cewa sakan 11 na ɗauka ta shida sun yi kaɗan saboda mai muryar Auta yana jan gaisuwa, ko kuma sakan 35 na ɗan tsakiya ma sun yi yawa. Gyara a wannan mataki fensir da abin gogewa kawai yake ci.

Sakan sittin da biyar na ƙarshe

Katun ɗin rana yana ƙarewa da tsalle da waƙa. Na dare dole ya sauko. Shi ya sa faɗuwar Dodo, wadda ita ce ƙololuwar hayaniya, take zuwa kafin minti na huɗu ya cika, a bar fiye da minti guda don zuciyar yaro ta koma daidai. A cikin wannan lokaci ɗauka tana ƙara tsawo, daga sakan huɗu ko biyar zuwa goma, har goma sha biyar. Launi yana tashi daga kore mai haske zuwa ruwan goro, zuwa shuɗi mai duhu. Jimlolin mai labari suna gajarta, tazarar da ke tsakaninsu tana faɗaɗa. Babban ya kwanta, na tsakiya ya jingina da shi, Auta ya yi hamma. Hamma tana da yaɗo, kuma masu shirya irin wannan fim sun san haka. Duk abin da ya sa yaro ya zabura a wannan yanki, ko kiɗa mai ƙarfi a kan sunayen masu aiki, ya rushe abin da aka gina.

A nan akwai wani abu da ke karo da ƙa'idar da muka kafa a baya. Mun ce kada murya ta maimaita hoto. To amma yaron da ke kwance yakan lumshe ido, kuma da yawan iyaye sun fi son kife wayar a bar sautin kawai. Suna da hujja, domin hasken allo ba abokin barci ba ne, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Ke nan rubutun yana buƙatar ya tsaya da ƙafarsa ko da ba a kallo. Mafita ba ita ce a cika shi da surutu ba. Ƙara ce za ta ɗauki abin da ido ya rasa: takun da ya yi jinkiri, munsharin da ya yanke, ƙugin ciki, kukan katako. Wurin da ƙara ba ta isa ba, kamar ɗauka ta bakwai inda Dodo ke awo da yatsu, sai a ba shi wani gurnani na raini. A minti na ƙarshe kuwa a sassauta ƙa'idar, mai labari ya faɗi abin da ake gani a hankali, tunda ana sa ran ido ya riga ya rufe.

Gwajin ƙarshe sau biyu ake yi, da fim ɗin gwajin nan, ba sai an gama zane ba. A nuna wa ƙaramin yaro an kashe sauti, a ce ya faɗi abin da ya faru. In bai gane cewa Dodo yunwa yake ji ba, ɗauka ta biyar na buƙatar gyara. Sannan a sa wa wani yaron sautin kaɗai. In ya kasa faɗin ko wane bunsuru ne a kan gada, takun ukun sun yi kama da juna, a sake ɗaukarsu. Ba a tambayar yaro ko ya yi daɗi, don zai ce e. Jikinsa ake kallo: inda ya waiwaya yana neman abin wasa, nan akwai sakan da suka yi yawa, inda kuma ya matso ya riƙe rigar uwarsa, nan muryar Dodo ta wuce kima, a rage mata kauri ko a gajarta fitowarsa.